Yadda muka gyara shelar wanke hannu a kasuwarmu lokacin kwalarar 2021

Daminar 2021 ba za ta fita a ran mutanen yankinmu da wuri ba, don a shekarar ne kwalara ta yi ɓarna sosai a Kano da Jigawa da Bauchi da wasu jihohin, mu ma a garinmu sai da ta taɓa mu. Ni sana'ata hayar lasifika ce, wajen wa'azi da ɗaurin aure da taron siyasa, to shi ya sa da malamar asibitin garinmu da sarkin kasuwa suka yanke shawarar a riƙa yin shela ranar kasuwa kan wanke hannu, ni aka nema. Kasuwar tamu ta mako ce, ranar Laraba take ci, kuma mutanen ƙauyuka da rugage da yawa nan suke haɗuwa, su ci abinci a rumfa ɗaya, su shiga ban-ɗaki ɗaya, da yamma kowa ya koma garinsu. In cuta ta shigo kasuwa irin wannan, ta samu motar da za ta kai ta ko'ina.

Larabar farko malama ta ba ni takarda, rubutu mai kyau wallahi, babu kuskure a ciki. Ya fara da sallama da gaisuwa ga shugabanni, sannan bayanin mece ce kwalara, cewa ƙwayar cutar tana fita ta bayan gidan mai ɗauke da ita ta shiga ruwa ko abinci ko ta maƙale a hannu har ta kai baki, sannan lokutan wanke hannu guda biyar, sannan yadda ake wankewa na aƙalla sakan 20, aka rufe da addu'a. Na karanta a waya na yi rikodin, ya kai kusan minti ɗaya da rabi. Na zuba a memori, muka ɗaura lasifika ɗaya a bakin kasuwa ta gabas ɗaya ta yamma, na ƙure murya, muka sake shi yana ta juyawa tun hantsi har la'asar.

Wajen azahar sai na ce bari in zaga in ji da kunnena. Na je layin masu abinci na tsaya wajen wata dattijuwa mai shinkafa da wake, na gaishe ta na ce Inna kin ji abin da ake faɗa a lasifika kuwa? Ta ce "ɗan nan ai tun safe yake ta surutu, ba mai maganin basir ba ne?" Na ƙara gaba wajen masu nama, wani ya ce shi dai ya ji ana gaishe da hakimi, ya ɗauka taro za a yi. Na tambayi mutum goma a wurare daban daban, biyu ne kaɗai suka ce maganar wanke hannu ce, kuma su biyun rumfarsu na ƙarƙashin lasifikar. Abin ya dame ni ƙwarai, don a makon nan an kwantar da yara a asibiti, ga mu mun ƙona mai wuni guda saƙon bai je ba.

Da daddare na zauna ina tunanin inda matsalar take, sai na gane ashe mun rubuta wa mutumin da yake zaune ne yana sauraro kamar a masallaci ko gaban rediyo, alhali ɗan kasuwa ba haka yake ji ba. Yana tafiya ne, yana ciniki, yana ƙirga canji, ga injin niƙa, ga janareto, ga babura, ga masu tallan magani kowa da tasa lasifikar, ga awaki. Abin da ke shiga kunnensa guntu ne, sakan uku ko huɗu, lokacin da injin ya ɗan sassauta ko ya gama magana da mai saye. Kuma ba shi ke zaɓar guntun da zai ji ba. In rikodin ɗinka minti ɗaya da rabi ne, kuma kalmar sabulu ta fito sau biyu kacal, to yawancin mutane gaisuwar hakimi za su tsinta ko tsakiyar bayanin ƙwayar cuta. Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida ɗaya wadda duk sauran aikin ya rataya a kanta: duk inda mutum ya tsinci maganar, ko daga tsakiya ne, ya zama guntun da ya ji ya ishe shi sanin abin da zai yi.

Na koma wajen malama da wannan, da farko ba ta so ba, ta ce in aka cire bayani mutane ba za su san dalili ba. Na ce ranki ya daɗe dalilin ai sun sani, kowa a garin nan ya san gidan da aka yi rashi, abin da ya rage shi ne a tuna musu a daidai lokacin da hannu zai shiga kwano. Muka yi yarjejeniya, dogon bayani ita za ta riƙa yi da bakinta kai tsaye sau biyu ko uku a wuni, gajerun layuka kuma su ne za su riƙa juyawa.

Abu na farko da muka yi, muka zaɓi amshi guda ɗaya da ba ya canzawa: "a wanke hannu da sabulu". Gaɓa tara ce, ana faɗinta a cikin sakan biyu zuwa uku ba tare da sauri ba. Sai kowane layi ya zama yana da ɗan kai gajere da yake canzawa, sannan amshin ya biyo. Kamar yadda waƙar daka take, mai bayarwa na canza baiti, 'yan amshi suna nan kan abu ɗaya, wanda ya zo a makare ma zai kama. Ga layukan da muka tsaya a kansu bayan gyare gyare:

Kafin a ci, a wanke hannu da sabulu.
An fito ban-ɗaki, a wanke hannu da sabulu.
An yi wa yaro tsarki, a wanke hannu da sabulu.
Kafin a zuba abinci, a wanke hannu da sabulu.
Ga ruwa ga sabulu a jan bokiti, kyauta ne.

In ka duba za ka ga kamar abu ne mai sauƙi da kowa zai rubuta cikin minti biyar, amma kowane layi sai da muka jefar da wani kafin mu same shi, kuma dalilan jefarwar su ne nake ganin za su amfani wanda zai yi irin wannan aiki.

Mafi haɗari shi ne "kada". Layin da malama ta fara kawowa shi ne "kada ku ci abinci ba ku wanke hannu ba". A takarda daidai ne. Amma ka tsaya nesa a cikin hayaniya ka ji, "kada" gajeriya ce kuma a farko take, lokacin da kunne bai riga ya juyo ba, "ba" ɗin nan guda biyu su ma ƙanana ne suna nutsewa, sai abin da ya rage ya zama "ku ci abinci... ku wanke hannu", wato har jerin ya juye, ci ya riga wanki. Na gwada da ƙanena, na tsayar da shi kusa da injin niƙa na kunna, abin da ya maimaita min ke nan. Tun daga ranar muka cire duk wani hani, babu kada, babu ban da, babu a daina. Abin da ake so a yi kawai ake faɗa, yadda ko rabin layin ya ɓace ragowar ba zai koyar da akasin abin ba.

Wannan ya ba mu wahala a wuri ɗaya, maganar robar wanke hannu. Duk wanda ya ci abinci a kasuwa ya san ta, roba ɗaya da ruwa a ciki, mutum ashirin su tsoma hannu ɗaya bayan ɗaya har ruwan ya yi kauri, kowa kuma ya tashi yana ganin ya wanke hannu. A lokacin kwalara wannan robar ita kanta hanya ce ta yaɗa cutar. Muna so mu ce a daina tsomawa, amma "a zuba, ban da tsomawa" in ta karye sai a ji "tsomawa" kawai. Muka juya muka juya, ƙarshe muka samu "a zuba da buta, a wanke hannu da sabulu", sauran aikin kuma muka yi shi da ƙafa, muka bi masu abinci ɗaya bayan ɗaya muna roƙonsu su ajiye buta, robar ta koma ta tarar ruwan da ya zuba. Lasifika ba za ta iya wannan ba, sai an je an durƙusa an yi magana.

Na biyu, "ka" da "ki" da "ku". In ka ce "ka wanke" mata sun fita, in ka ce "ku wanke" sai ya yi kama da tsawa, kuma a kasuwa akwai dattawa da ba za su so yaro ya riƙa ba su umarni ta sama ba. "A wanke" ta ɗauke kowa ba ta nuna kowa da yatsa, haka masu shelar sarki ma suke yi tun da, a yi kaza a bar kaza. Na uku, "bayan gida". Mun fara da "bayan an fito daga bayan gida", bayan biyu a layi ɗaya, a lasifika sai su cakuɗe, ga tsawo. "An fito ban-ɗaki" ta fi gajarta kuma ba ta da nauyin faɗa kusa da masu cin abinci. A wani gari wataƙila "makewayi" ko "masai" ko "salga" ce ta fi shiga, wannan sai mutum ya saurari bakin mutanen wurin.

Sannan sabulu dole ta fito a kowane layi, don mutanenmu ba su da ƙarancin taɓa ruwa, ana tsarki ana alwala sau biyar a rana, shi ya sa in ka ce "a wanke hannu" kawai, mutum zai ce a ransa ai yanzu na yi alwala. Abin da ya ɓace shi ne sabulun da cuɗawar. Wani malami a kasuwar ya ja hankalina cewa mu kiyaye kada maganar ta zama kamar muna rage darajar alwala ko tsarki, kuma gaskiyarsa ne, shi ya sa ba mu kwatanta su da komai ba, muka ce dai an yi tsarki, to a ƙara da sabulu. Kalmar kuma ta yi mana daɗi a lasifika, sa-bu-lu, gaɓoɓi uku a buɗe. Na lura a aikina cewa a cikin hayaniya wasula ne ke tafiya nesa, baƙaƙe irin su f da s da ts su ne ke fara ɓacewa, shi ya sa kalma kamar "tsafta" daga nesa ba ta fita, sai ka ji "a-a" kawai. Ita ma mun cire ta, ga shi dama ba ta gaya wa mutum takamaiman abin da zai yi.

Sakan 20 ɗin nan ma bai shiga layukan ba. Ba wanda zai tsaya a kasuwa yana ƙirga sakan. Sai muka bar shi ga yaran da muka tsayar a bakin bokitan wanke hannu da muka ajiye a kasuwar, su riƙa cewa a cuɗa har ya yi kumfa, ciki da baya da tsakanin yatsu, wanda in mutum ya yi da gaske zai kai lokacin ko kusa.

Kalmar kwalara kuwa rigima ta jawo. A Laraba ta biyu mun sa layi ɗaya mai cewa "kwalara na gari, a wanke hannu da sabulu". Kafin azahar masu abinci da masu fura sun je wajen sarkin kasuwa, suka ce ana kore musu ciniki, mutum na cin abinci ana kiran amai da gudawa a kansa. Sarkin kasuwa ya kira ni ya ce "Malam, mutanen nan da su za mu yi aikin, in suka juya mana baya butar ma ba za su ajiye ba." Na ce ranka ya daɗe haka ne. Ni a raina na so a bar layin don tsoro na sa mutum ya motsa, amma da na auna sai na ga masu abincin nan su ne ke riƙe da buta da sabulu a daidai inda ake buƙata, rasa su ya fi rasa layi ɗaya tsada. Muka cire shi daga mai juyawa, sunan cutar ya koma cikin bayanin malama, inda take faɗin alamomi da cewa duk mai gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba.

Layin jan bokiti shi ne na fi alfahari da shi, kuma ba ni na kawo shi ba, wata mai ƙosai ce. Ta ce min "kuna ta cewa a wanke a wanke, a ina? Nan ko ban-ɗaki sai ka biya, ruwa ma saye ake." Ashe mutane na ganin bokitan masu famfo da muka ajiye amma suna tsammanin na kuɗi ne. Da muka ƙara "ga ruwa ga sabulu a jan bokiti, kyauta ne" sai layi ya fara kamawa a wajen. Shela in ba ta nuna abin da ido zai gani a kusa ba, iska ce kawai.

Ɓangaren na'ura kuma, nan ma akwai kurakurai biyu a makon farko. Ɗaya, ƙure murya. In ka kai amfilifaya ƙarshe sauti na fashewa, ƙara na ƙaruwa amma kalmomi na narkewa, daga nesa sai ka ji kamar ana faɗa. Na dawo da shi wajen kashi uku cikin huɗu, maganar ta fi fita duk da ba ta kai da ƙara ba. Biyu, lasifika biyu suna fuskantar juna daga gefe biyu na kasuwa. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya, to in ɗaya ta fi ɗaya nisa da kai da kamar mita 60, muryarta za ta iso a makare da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, wato kusan tsawon gaɓa guda, sai kowace gaɓa ta hau kan 'yar'uwarta. Wanda ke kusa da ɗaya sosai ba ya jin matsalar don ta kusa ta danne ta nesa, amma akwai wurare da dama a kasuwar da muryoyin biyu ke isa da ƙarfi kusan ɗaya, a nan magana ke dagulewa. Sai muka haɗe su a kan dogon turke ɗaya a tsakiya, sun juya wa juna baya, sama da rufin rumfuna, ɗaya na kallon layin abinci ɗaya na kallon hanyar ban-ɗaki. Ba mu nemi mu cika kasuwa duka da sauti ba, wurare biyun nan muka nufa.

Rikodin ɗin a ɗaki muka sake yi da dare, an rufe taga, waya na nesa da baki kamar taƙi ɗaya na hannu, ba kiɗa a ƙasa ko kaɗan don kiɗa na cinye kalmomi kuma yana sa a ɗauka talla ce. Ba ihu, magana a natse, kowane layi a faɗe shi sau biyu, a yi shiru na sakan biyu, sannan na gaba. Shirun nan yana da amfani sosai, shi ke raba layi da layi a kunne. Muka sa murya biyu, namiji da mace suna karɓa-karɓa, layin yaro da na zuba abinci malama ce ta faɗa da kanta, kuma matan sun san muryarta daga awo. Wani ɗan'uwa Bafulatani ya faɗi layuka biyu da Fulatanci saboda masu nono, shi ya zaɓi kalmominsa, ba fassara muka ba shi ya karanta ba.

Sannan muka daina sakin shi ba tsayawa. Abin da ke ƙara tun safe har yamma kunne na mayar da shi kamar janareto, ya daina jinsa. Muka koma minti biyu a kunne, sai a kashe kamar minti goma, in ya dawo bayan shiru mutane na ɗagowa. Daga sha biyu zuwa biyu, lokacin cin abinci, muna matso da shi kusa kusa. Da an fara kiran salla a kashe, sai an sallame. Wannan ma ya sa dattawa suka karɓi abin.

A Laraba ta uku na sake zagayen nan, tambaya ɗaya, me lasifika ke cewa, ba na ba mutum amsa a baki. Cikin goma, takwas suka faɗi wanke hannu da sabulu, wasu ma da irin karin da aka faɗa. Yara 'yan talla sun mayar da shi waƙa, wani mai atamfa ya riƙa haɗa shi da tallarsa yana cewa tasa ma wanke hannu ka taɓa ce, ban hana shi ba don amshin yake ƙara yaɗawa. Biyun da ba su ji ba 'yan kara ne, can wajen dabbobi, inda sauti ba ya kaiwa, sai muka tura yaro da ƙaramar lasifikar hannu yana zagawa.

Amma ji daban, yi daban, shi ya sa na fi yarda da bokiti a kan amsar baki. Makon farko bokitan sun wuni da ruwansu kusan yadda aka cika su, a na uku sai da aka yi ta ƙarin ruwa. Nan kuma wata matsalar ta fito, wajen ƙarfe biyu ruwa ya ƙare a bokitin layin abinci, sabulun ma wani ya ɗauke, lasifika kuma na can tana cewa ga ruwa ga sabulu kyauta ne. Na ga wani dattijo ya zo ya murɗa famfo ba komai, ya girgiza kai ya tafi ya ci abincinsa haka. Wannan ya fi min ciwo a kan rashin ji na makon farko, don mun kira shi ya amsa, mu ne muka saɓa. Daga nan muka ɗauki mai garuwa ɗaya aikinsa bokitan kawai, sabulun sanda kuma muka maye shi da ruwan omo a gora mai hudajjen murfi, kamar giram 30 a lita ɗaya da rabi, a ɗaure da igiya, ba mai sha'awar ɗauka. Aka kuma yi doka cewa duk lokacin da bokiti ya bushe, yaron wajen ya ɗaga hannu in tsallake layin jan bokiti har a cika.

Ba zan ce shelarmu ce ta kawo ƙarshen cutar a garinmu ba, don a lokaci guda an zuba magani a rijiyoyi, an gyara wasu famfuna, damina ma ta ja baya. Kuma duk ƙoƙarinmu a kasuwa ne, ruwan da mutum zai sha in ya koma gida lasifikata ba ta kai can. Abin da na gani da idona shi ne butoci sun zauna a layin abinci har bayan mun daina shela, ko da yake ba duka rumfuna ba, wasu sun koma robarsu da aka kwana biyu. Memorin na nan a akwatin kayana da layukan shida da na Fulatanci biyu, damina na kamawa nake kai wa sarkin kasuwa in tambaye shi ko za a samu mai garuwa da omo, in ya ce akwai sai in ɗaura turke.